Burauza ta ƙi buɗe shafi, sauran manhajoji na aiki: a binciki abin da tsohon ofis ya bari

Masu gyaran kwamfuta sun saba da wani ƙorafi da ke ruɗa mai shi fiye da yadda ya kamata. Laftof ta kama waifai, alamar intanet tana nan, saƙonnin imel suna shigowa ta manhajarsu, amma da an buɗe Chrome ko Edge sai shafi ya yi ta juyi, daga ƙarshe ya ce babu intanet. Mai kwamfutar yakan fara da zargin kamfanin layinsa, ya ƙara sayen data, ya kashe ya kunna, sannan ya kai wa mai gyara, wanda sau da yawa shawararsa ɗaya ce, a yi fomatin. Ra'ayina shi ne wannan alamar da kanta ta riga ta wanke layin da kwamfutar, kuma idan mai ita bai daɗe da barin wani wurin aiki ba, wurin da za a fara dubawa shi ne saitin furoksi da sashen kwamfuta na wancan wurin ya sa mata.

Furoksi kwamfuta ce da ke tsaye tsakanin ma'aikata da intanet. Bankuna da jami'o'i da manyan kamfanoni suna ajiye ta don su tace shafukan da ake shiga, su riƙe tarihin zirga-zirga, su kuma hana kowace na'ura fita waje kai tsaye. Aikinta kamar na ɗan aike ne: burauza ba ta zuwa wurin shafin da kanta, sai ta miƙa buƙatar ga furoksi, ita ta karɓo ta kawo mata. Don haka ake rubuta wa kwamfutar adireshin furoksin da lambar ƙofarta, sau da yawa 8080, ko 3128 idan manhajar Squid ce. Matsalar tana cikin irin adireshin. Yawanci na cikin gida ne, daga jerin da aka keɓe tun 1996 don amfanin cikin ma'aikatu, wato masu farawa da 10, da 192.168, da 172.16 zuwa 172.31. Waɗannan ba sa tafiya a kan intanet ɗin duniya. Ko kuma suna ne da na'urorin ofis kaɗai suka san fassararsa. A cikin ginin komai lafiya lau, amma a Windows saitin da aka rubuta da hannu ba ya bin waifai ɗaya, yana bin mai kwamfutar duk inda ya haɗa ta. Ya koma gida, ya haɗa da hotsifot ɗin wayarsa, burauza na nan tana neman kwamfutar da babu hanyar isa gare ta.

To me ya sa sauran manhajojin ba su tsaya ba? Domin wannan saitin ba ƙofa ba ce da aka rufe wa kowa, umarni ne da aka ajiye ga mai son karantawa. Chrome da Edge ba su da nasu wurin rubuta furoksi, na Windows suke ɗauka. Firefox tana da nata, amma yadda take zuwa daga farko ita ma na Windows ɗin take bi, shi ya sa sauya burauza ba ya raba gardama, kuma cire ta a sake sakawa ɓata lokaci ne, tunda saitin ba a cikinta yake ba. Manhajar imel mai amfani da IMAP kuwa tana magana da sabarta ta ƙofa ta 993, hanyar da furoksin shafuka ba ta da ruwa da ita. Wasu manhajojin ba sa duba saitin sam, wasu kuma suna gwada furoksin, idan ba ta amsa ba su wuce kai tsaye. Ke nan idan wani abu yana samun intanet a kan kwamfutar, layin yana da rai, katin waifai yana aiki, data ba ta ƙare ba. Abin da ya rage shi ne bambancin da ke tsakanin masu aiki da waɗanda suka tsaya.

A ƙaddara wata akanta ce ta bar kamfani, da laftof ɗinta ta kanta wadda ta yi aiki da ita a can, kuma an taɓa rubuta mata `10.20.0.5` da ƙofa `8080`. A gida ta buɗe Chrome, aka ɗan jima, sai ga `ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED` a ƙasan shafin. Mutane ba sa karanta wannan ƙaramin rubutun, alhali shi ne rabin amsar. A Firefox kuma za a ga `The proxy server is refusing connections` ko makamancinsa. Don tabbatarwa, Windows 10 tana zuwa da wata ƙaramar manhaja mai suna `curl` tun 2018, kuma amfaninta a nan shi ne ba ta karanta saitin furoksin da burauza ke bi. Sai ta buɗe `Command Prompt` ta rubuta:

```
curl.exe -I https://example.com
curl.exe -I -x http://10.20.0.5:8080 https://example.com
```

Layin farko yana zuwa shafin kai tsaye, na biyu yana bi ta tsohuwar furoksin. Idan na farko ya dawo da amsa mai ɗauke da 200, na biyu kuma ya tsaya har ya gaji ya ce haɗi ya gagara, magana ta ƙare. Gyaran shi ne ta shiga `Settings`, sannan `Network & internet`, sannan `Proxy`, ta kashe `Use a proxy server`, ta adana, ta sake buɗe burauzar. Wanda ya saba da tsohuwar hanya zai iya buga `inetcpl.cpl`, ya shiga `Connections` da `LAN settings`, wuri ɗaya suke kaiwa. Kafin a kashe yana da kyau a rubuta adireshin a takarda, domin idan hasashen bai yi daidai ba a iya mayar da shi yadda yake.

A shafin `Proxy` ɗin akwai wani maɓalli, `Use setup script`, wanda cutarsa ta fi wuyar ganewa. A nan ba adireshin furoksi ake rubutawa ba, adireshin wani ɗan fayil ne mai ƙarewa da `.pac`, dabarar da kamfanin Netscape ya fito da ita a 1996, wanda ke gaya wa burauza wane shafi za ta kai wa furoksi, wane za ta je da kanta. Idan fayil ɗin yana kan sabar ofis kuma an daina samunsa, Chrome takan jira, sannan ta haƙura ta tafi kai tsaye, sai dai idan an sa mata dokar da ta hana. Saboda haka alamar ba mutuwar shafuka ba ce gaba ɗaya, jinkiri ne mai ban haushi, musamman a buɗewar farko. Idan kuwa fayil ɗin yana samuwa daga waje amma furoksin da yake nunawa ba ta karɓar wanda ya bar aiki, za a ga wasu shafuka na buɗewa wasu na ƙi, ko akwati ya riƙa fitowa yana neman sunan shiga da kalmar sirrin da aka riga aka soke.

Mai tunani zai ce laifin burauza ne: tunda ta ga furoksin ba ta amsawa, me ya hana ta wuce kamar yadda wasu manhajojin ke yi? Tambayar tana da ƙarfi, amma ban yarda da ita ba. Burauza ba ta da hanyar sanin ko mai ita ya ajiye aiki ne ko wani ne ya toshe furoksin da gangan. Da za ta riƙa zamewa duk lokacin da furoksi ta yi shiru, da duk mai son kauce wa tacewar banki sai kawai ya katse hanyar furoksin na ɗan lokaci, kuma wanda ya sa furoksi don ɓoye adireshinsa zai tonu bai sani ba. Tsayawar da take yi biyayya ce ga umarnin da aka ba ta, kuma daidai ne. Kuskuren yana wurin wanda ya rubuta umarni na dindindin a kan na'urar da ya san za ta fita daga ginin.

Wani kuma zai ce ba furoksi kaɗai ke kawo wannan alamar ba, kuma gaskiyarsa. Agogon kwamfuta idan ya kauce sosai, shafuka masu tsaro sukan ƙi buɗewa, amma saƙon zai zama na kwanan wata, irin `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`. Matsalar fassara sunayen shafuka tana da nata saƙon, `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN`, kuma za ta kayar da layin `curl` na farko ma. Akwai kuma miyagun manhajoji da ke dasa furoksi don su leƙa abin da mutum ke yi. Adireshin da aka tarar shi zai nuna hanya: idan sunan tsohon ofis ne ko lambar cikin gida, ragowar aiki ce, idan `127.0.0.1` ne, wata manhaja ce a kan kwamfutar ta sa shi, wataƙila ta tsaro da kamfanin ya girka aka cire ta rabi da rabi, wataƙila kuma abin da ya kamata a bincika da kyau.

Inda abin ke yin tauri shi ne a kashe saitin ya dawo da kansa, ko a tarar maɓallan sun dushe ba sa taɓuwa. Wannan yana nufin har yanzu kamfanin na riƙe da linzamin kwamfutar. A Chrome a rubuta `chrome://policy` a ga ko akwai doka mai ambaton furoksi, a Windows kuma a duba `Accounts`, sannan `Access work or school`. Idan asusun ofis yana nan, cire shi ne maganin, amma da sharaɗi: mutum ya tabbata yana da wani asusu mai ikon gudanarwa a kan kwamfutar, ya kwafe fayilolinsa, kuma idan an kulle faifan da BitLocker ya karɓi mabuɗin ceto tukuna, domin sau da yawa a wurin kamfanin aka ajiye shi. Idan kuwa laftof ɗin mallakar kamfanin ce, babu batun gyara, mayar musu za a yi. Windows kuma tana da wani saitin furoksi na daban da ayyukanta na bayan fage ke amfani da shi, wanda kashe na farko ba ya taɓawa. Ana ganinsa da layin farko na nan ƙasa, a share shi da na biyu bayan an buɗe `Command Prompt` da ikon gudanarwa:

```
netsh winhttp show proxy
netsh winhttp reset proxy
```

Akwai ragowar da ba ta hana shafi buɗewa, amma ta fi furoksin nauyi. Kamfanonin da ke duba cikin shafuka masu tsaro sukan dasa takardar shaidarsu ta dijital a cikin jerin waɗanda kwamfutar ta amince da su, kuma tana nan bayan an tafi. Ana ganin jerin ta `certmgr.msc`, ƙarƙashin `Trusted Root Certification Authorities`. Wadda ke ɗauke da sunan tsohon ofis ita kaɗai za a cire, sauran a bar su.

Duk wannan aikin minti kaɗan ne ga jami'in da ya sa saitin tun farko, shi ya san abin da ya rubuta da inda ya rubuta shi. Ma'aikatu suna da takardar sallama da ake zagayawa da ita ofis-ofis ana sa hannu, ana karɓar katin shaida da makullai. Ya kamata sashen kwamfuta ya ƙi sa nasa hannun sai ya cire furoksi da dokokinsa da takardar shaidarsa daga duk na'urar ma'aikaci da ya taɓa, shi kuma mai tafiya ya haɗa laftof ɗin da hotsifot ɗin wayarsa, ya buɗe shafi a gabansu kafin ya fita.