Shaidar "an ce" a kotu: maganganu huɗu, ɗaya ta shiga

A kotunan Najeriya, shaidar ji-ta-ji-ta ita ce maganar da wani ya yi a wajen kotu, sannan wani dabam ya zo ya maimaita ta don a yarda cewa abin da aka faɗa gaskiya ne. Sashe na 37 na Dokar Shaida ta 2011 ya fayyace ta, sashe na 38 kuma ya hana karɓarta sai inda doka ta yi togaciya. Dalilin hanin a fili yake: mai maganar na asali bai yi rantsuwa ba, alƙali bai ga fuskarsa ba, lauya kuma bai samu damar ƙure shi da tambayoyi ba.

A ƙaddara ana shari'ar kisa a babbar kotun jiha. An soki wani ɗan kasuwa da wuƙa, ya rasu bayan kwana biyar, ana tuhumar abokin cinikinsa. Mai gabatar da ƙara na da maganganu huɗu.

Ta farko daga bakin wani maƙwabci take: "Duk kasuwa ana cewa shi ne." Wannan ba ta da uba, domin babu wanda za a kira a tambaye shi abin da ya gani, saboda haka ta faɗi nan take.

Ta biyu ta fi kama da shaida. Wani dillali ya ce wani mai shayi ya gaya masa cewa a gabansa aka yi sukar. Amma mai shayin yana raye, kuma kowa ya san rumfarsa. Sashe na 39 ya buɗe ƙofa ne ga maganar wanda ya mutu, ko aka neme shi aka rasa, ko ya kasa ba da shaida, ko kawo shi zai jawo jinkiri ko kashe kuɗi fiye da ƙima. Ko a nan ma sai maganar ta dace da ɗaya daga cikin sassa na 40 zuwa 50. Mai shayin bai shiga ko ɗaya ba, don haka sai a aika masa sammaci ya zo da kansa.

Ta uku ce ke ruɗa mutane, domin mamacin ne ya yi ta. Washegarin sukar, bayan an ɗinke raunin an sallame shi, ya ambata wa ƙaninsa sunan wanda ya soke shi, ya ƙara da cewa ɗan rauni ne, jibi zai koma kasuwa. Mutuwar mai magana kaɗai ba ta isa ba. Sashe na 40 ya yarda da abin da mutum ya faɗa game da sanadin mutuwarsa ne idan a lokacin ya yi imani cewa yana cikin haɗarin mutuwa ta kusa. Mai shirin buɗe shago jibi bai nuna wannan imani ba. Ba za a kuma ce maganar wani ɓangare ce na aukuwar ba, tun da kwana guda ya shiga tsakani.

Ta huɗu an yi ta ne a dare na huɗu, bayan raunin ya ruɓe an mayar da shi asibiti. Ya ce wa ma'aikaciyar jinya: "Wannan ciwo ba na tashi ba ne, wane ne ya soke ni." Da asuba ya cika. A nan sharuɗɗa sun haɗu: mai maganar ya mutu, maganar ta shafi sanadin mutuwarsa, sanadin shi ne abin da kotu ke bincike, kalmominsa kuma sun nuna yana ganin ajali ya matso. Hujjar masu doka ita ce wanda ke shirin gamuwa da Mahaliccinsa da wuya ya yi ƙarya. Dokar Najeriya ta fi tsohuwar ƙa'idar Ingila sassauci, wadda ta buƙaci mutum ya yanke ƙauna gaba ɗaya. A sashe na 40, ko da yana da sauran fatan warkewa, maganar na shiga.

Karɓar magana dabam, nauyin da za a ba ta dabam. Lauya mai kariya zai tambayi ma'aikaciyar ainihin kalmomin da ta ji, ko majinyacin yana cikin hayyacinsa, ko zazzaɓi da allurar kashe zafi sun juya masa kai, ko ma akwai hasken da zai gane maharin. Mai gaskiya ma yana iya kuskuren fuska. Da kuma majinyacin ya warke, da wannan togaciyar ba ta yi aiki ba, sai shi da kansa ya tsaya gaban alƙali ya yi rantsuwa.