Sanda Ɗaya da Littafin Rubutu: Mu Auna Inuwa

'Yan'uwa, ga aikin da yaranmu a Kanya Babba za su iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Mu kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili mai shafaffiyar ƙasa, tsawonta mita 1 daga ƙasa. Mu rataya dutse da zare a gefenta don tabbatar da ba ta karkata ba, domin karkatacciyar sanda tana ɓata awo duka.

Kowace Asabar, daga ƙarfe 12 zuwa 1, mu sa tsakuwa a bakin inuwar bayan kowane minti 10. Mafi gajarta ita za mu rubuta, tare da kwanan wata da inda ta fuskanta. A nan rana takan kai tsaka ne bayan ƙarfe 12, ba daidai 12 ba.

Gab da Kirsimeti za mu sami kusan santimita 73, tana fuskantar arewa. Daga nan sai ta yi ta raguwa, har ta ɓace a gindin sandar wajen ƙarshen Afrilu, sannan ta ɓullo ta kudu. Wannan ba alkawarin ruwa ba ne, kada kowa ya yi gaggawar shuka. Amma lokacin sharar gona da kai taki ya yi.