Wane Faifai Ka Saurara? Yadda Ake Kafa Hujja da Sauti a Binciken Kiɗa

Ɗalibin da ya ɗauko magana daga littafi ya san abin da zai rubuta a manazarta: sunan marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara da shafi. Wanda ya ɗauko hujjarsa daga kiɗa kuwa, sau da yawa sai ya rubuta sunan makaɗi da sunan waƙa, ya ɗauka ya gama. Bai gama ba, domin abubuwa uku ne ke ɓoye a ƙarƙashin sunan waƙa ɗaya. Akwai waƙar kanta, wadda makaɗi zai iya yi sau ɗari. Akwai ɗaukar da aka yi mata a wata rana, a wani wuri, tare da wasu mutane. Sannan akwai faifan da kamfani ya buga ya kai kasuwa, wanda zai iya sake bugawa bayan shekara talatin da sauti dabam da bayani dabam. Mai binciken kiɗa kunnensa ya ji ɗaya ne tak daga cikin waɗannan bugu, kuma shi ne ya kamata ya nuna wa mai karatu.

Faifan da ya fi dacewa a koyi wannan darasi da shi shi ne Kind of Blue na Miles Davis, mabushin ƙaho ɗan Amurka, ɗaya daga cikin fayafayan kiɗan jaz da aka fi yin rubutu a kansu. An ɗauke shi a zama biyu, ranar 2 ga Maris da ranar 22 ga Afrilu 1959, a sutudiyon kamfanin Columbia da ke birnin New York, aka fitar da shi a watan Agusta na wannan shekarar. Tun ranar farko faifai biyu ne suka fito. Na mono lambarsa CL 1355, na sitiriyo kuma CS 8163. Wannan lambar da kamfani ke ba kowane bugu ita ce abin da ya fi komai amfani a cikin bayanin faifai, kuma ita ce ɗalibai suka fi mantawa da ita. Ana samunta a bango, da gefen kwali, da kuma takardar da ke manne a tsakiyar faifan.

Ga dalilin da ya sa lambar take da nauyi. A zaman farko, injin tef da aka ɗauki sitiriyo da shi yana tafiya a hankali kaɗan fiye da ƙa'ida. Da aka zo juya tef ɗin a injin da ke tafiya daidai, sai kiɗan ya ɗan ƙara sauri, sautinsa kuma ya ɗan ƙara kaifi. Kiɗa uku na fuskar farko, wato "So What" da "Freddie Freeloader" da "Blue in Green", haka duniya ta riƙa jinsu a bugun sitiriyo fiye da shekara talatin, har sai da aka gyara a wani bugu na 1992. To, a ce ɗalibi ya auna saurin kiɗan, ko ya rubuta sautukan da Davis ya busa a daƙiƙa kaza, sannan ya ce kawai "Kind of Blue, 1959". Malamin da ya ɗauko bugun 1997 don ya duba zai tarar da lissafin bai zo daidai ba, ya ce yaron bai iya aunawa ba, alhali kowannensu abin da ya ji gaskiya ne.

Saboda haka bayanin da ya cika yana ɗauke da shekara biyu idan sun bambanta: ta ɗauka da ta bugun da ke hannunka. A tsarin Chicago, wanda masu nazarin kiɗa suka fi bi, wanda ya saurari tsohon faifan garmaho zai rubuta a ƙasan shafi kamar haka: Miles Davis, "So What," an ɗauka 2 ga Maris 1959, a cikin Kind of Blue, Columbia CS 8163, 1959, faifan garmaho. Wanda ya saurari faifan sidi na baya zai bar ranar ɗauka yadda take, ya canza sauran zuwa Columbia/Legacy CK 64935, 1997, faifan sidi. Idan wani wuri ne takamaimai ake magana a kai, sai a ƙara minti da daƙiƙa, su ne madadin lambar shafi. Wanda kuma ya saurara a Spotify ko YouTube sai ya faɗi haka, ya sa adireshin, ya kuma duba wane bugu aka ɗora, domin shekarar da manhaja ke nunawa takan zama ta fitowar farko ko da sautin na gyaran baya ne. A fayafayan zamani akwai alama mai taimako: shekarar da ke gefen ℗ ta sautin ce, wadda ke gefen © kuma ta zanen bango da rubutunsa.

Sunan wa za a fara sawa? Wanda maganarka ta dogara a kansa. Idan salon busar Davis kake nazari, shi ne a gaba. Idan hannun mai fiyano kake bi, to ka yi hattara, domin Bill Evans ne ya kaɗa a kiɗa huɗu, amma a "Freddie Freeloader" Wynton Kelly ne. Mai binciken da ya yaba wa Evans a wannan kiɗan ya tona wa kansa asiri cewa bai juya kwalin ya karanta ba.

Karanta bayan kwalin ma yana da nasa tarko. Bayanin da ake bugawa a bangon faifai, ko a ɗan littafin da ke cikin kwalin sidi, rubutu ne mai marubucinsa, don haka da sunan marubucin ake kawo shi, ba da sunan makaɗi ba. Na Kind of Blue Bill Evans ne ya rubuta, sai a ce: Bill Evans, bayanin bangon faifan Kind of Blue na Miles Davis, Columbia CL 1355, 1959. Idan ɗan littafi ne mai lambobin shafi, a sa shafin. Nan ma bugu yana da muhimmanci, domin a bugun farko an musanya sunayen kiɗa biyu a cikin bayanin: abin da aka faɗa game da "All Blues" na "Flamenco Sketches" ne, na wancan kuma na wannan. Har sunan mabushi Cannonball Adderley an rubuta shi da kuskure a bangon. Bugun baya sun gyara, sun kuma ƙara sababbin bayanai na wasu marubuta. A ganina, bayanin bango shaida ce ta abin da aka faɗa a lokacin, kuma kamfanin da ke son sayar da kaya ne ya buga ta. A kawo ta a matsayin "in ji wane", a nemi abin da zai tabbatar da ita kafin a mai da ita tarihi.

Sai wasan da aka yi a gaban jama'a. Nan dole a raba biyu. Wasan da ka halarta da kanka ba wanda zai iya komawa ya sake ji, shi ya sa tsarin Chicago ya ce a ambace shi a cikin rubutu ko a ƙasan shafi, ba sai ya shiga jerin manazarta ba. Ana faɗin masu wasan, da abin da suka yi, da ɗakin taron, da garin, da cikakkiyar rana. Ranar ce ginshiƙi, domin ƙungiya ɗaya takan yi wasa dare uku a wuri guda, kowane dare da irin nasa. Idan an raba takardar jadawalin wasa, a adana ta, a kawo ta dabam da sunan wanda ya rubuta bayaninta.

Wasan da aka naɗa aka sayar kuwa faifai ne, da dokar faifai ake kawo shi, a ƙara wuri da ranar wasan. Amma kada kalmar "kai tsaye" da ke bango ta ruɗe ka. Duke Ellington ya yi shahararren wasansa a bikin jaz na Newport ranar 7 ga Yuli 1956, Columbia ta fitar da faifan Ellington at Newport a shekarar. Daga baya ta bayyana cewa wani babban kaso na faifan a sutudiyo aka sake ɗaukarsa bayan bikin, aka ɗora masa tafi. Sai a 1999 aka fitar da cikakken wasan na ainihi, bayan an haɗa tef ɗin Columbia da wanda gidan rediyon Muryar Amurka ya naɗa a daren. Wanda ya yi sharhi kan yadda 'yan kallo suka karɓi wani kiɗa, alhali tsohon bugun ya saurara, yana iya zama tafin da aka liƙa yake fassarawa.

Mai nazarin makaɗan Hausa zai ce duk wannan na masu kamfani ne da lamba, mu da muke da kaset mai rubutun biro fa? Matsalar tamu ta ma fi tsanani. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Bakandamiya kaɗai tana da naɗi iri-iri, wani ya fi wani tsawo, wani da ɗiyan waƙa da babu su a wani. Ɗalibin da ya rubuta "Shata, Bakandamiya" a kundin digirinsa bai ba kowa hanyar duba maganarsa ba. Abin yi shi ne ya bayyana abin da ke hannunsa dalla-dalla: kaset ne ko faifan garmaho ko fayil a waya, me aka rubuta a jikinsa, tsawon waƙar minti nawa ne, a ina ya samo shi. Idan daga taskar wani gidan rediyo ne ko ɗakin karatu na jami'a, ya sa sunan wurin da lambar da suka ba tef ɗin. Idan babu shekara, ya rubuta "babu kwanan wata". Idan ya ƙiyasta ta daga sunan wani gwamna da aka ambata a waƙar, ya faɗi cewa ƙiyasi ne, ya faɗi madogararsa. Ranar da wani ya ɗora waƙar a YouTube ba ita ce ranar da Shata ya yi ta ba, kuma wannan kuskuren yana yawan shiga rubuce-rubucen ɗalibai.

Wanda ya je gidan biki ko fada ya naɗa da kansa, shi ne kamfanin, shi ne kuma marubucin bango. Ya rubuta gari da rana da dalilin taron, da sunan makaɗi, da na 'yan amshi da masu kalangu idan sun yarda, ya ba kowane naɗi lamba tun a ranar. Sannan ya ajiye kwafi a sashensa na jami'a, domin hujjar da ke cikin wayar mutum ɗaya takan ɓace tare da wayar.

Duk waɗannan fayafayai da kasa-kasai gara a jera su dabam da littattafai, a ƙarƙashin kan magana nasu, don mai karatu ya ga abin da aka saurara a wuri guda. Kai kuma mai bincike, kafin ka danna maɓallin saurare, ɗauki hoton bangon gaba da na baya da tsakiyar faifan da wayarka, ka rubuta lambar bugun a saman takardar da za ka yi sharhi a kanta.