Saitin APN: Abin Da Ke Hana Shafi Buɗewa Alhali Data Na Kunne

APN, wanda ake gani a rubuce a cikin saitin waya da sunan `Access Point Names`, shi ne sunan hanyar da waya ke bi ta fita daga cibiyar kamfanin sadarwa zuwa intanet. Duk lokacin da aka kunna data, wayar takan aika wa kamfanin wannan suna. Kamfanin ya duba ko layin yana da izinin bin wannan hanya, sannan ya ba wayar lambar adireshin da za ta yi amfani da ita, ya kuma gaya mata na'urar da za ta riƙa tambaya adireshin shafuka. Duk wannan yana faruwa cikin 'yan daƙiƙu, shi ya sa mutum kan shekara da waya bai taɓa jin sunan APN ba.

Samun sabis daban ne, fita intanet kuma daban. Sandunan da ke saman fuskar waya suna nuna ƙarfin haɗin da ke tsakaninta da ƙarfen sabis ɗin da take haɗe da shi ne kawai. Lamarin kamar na mutumin da ke cikin gari mai ganuwa ne: yana iya zagaya unguwanni yadda ya so, amma idan zai fita sai ya bi ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da inda take kaiwa. Kamfani ɗaya kan mallaki irin waɗannan ƙofofi da yawa, wata ta intanet ta kowa da kowa, wata ta saƙon hoto, wata kuma ta keɓe ga banki ko ma'aikatar da ta yi yarjejeniya da shi. Don haka waya na iya kira, ta karɓi kira, ta nuna `4G` ɓaro-ɓaro, amma shafi ko ɗaya ya ƙi buɗewa.

A ƙa'ida ba mai waya ke rubuta APN ba. Kowace waya tana zuwa da jerin saitin kamfanoni a cikinta. Da an saka layi sai ta karanta lambobi biyu daga jikinsa, `MCC` ta ƙasa da `MNC` ta kamfani, ta ɗauko saitin da ya dace da su. Lambar Najeriya ita ce 621, ta Nijar 614, ta Ghana 620. A cikin Najeriya, MTN na da 30, Airtel 20, Glo kuma 50. Matsala takan taso ne idan jerin da ke cikin wayar bai san kamfanin ba ko kuma ya tsufa, abin da ya fi yawa a wayoyin da aka shigo da su na hannu daga Turai, Amurka ko ƙasashen Larabawa. Kamfanonin ma sukan sauya suna, kamar yadda Zain ya koma Airtel a 2010, Etisalat kuma ya koma 9mobile a 2017, tsofaffin wayoyi kuwa sukan ci gaba da riƙe tsohon saiti. Sai kuma sababi na uku: hannun mutum. Wani ya taɓa shiga saitin yana neman dabarar intanet kyauta, ya cika gurabe da lambobi, ya manta.

Kafin a taɓa APN ya kamata a tabbatar shi ne mai laifin, domin akwai abubuwa da dama da ke kawo alama iri ɗaya. Na farko shi ne ƙarewar data. A Najeriya, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta daidaita gajerun lambobi a 2023, ana duba ragowar data da `*323#` a kowane layi. A lura kuma da irin datar da ta rage, don akwai wadda aka keɓe wa WhatsApp ko Facebook kaɗai, akwai ta dare, kuma babu ɗayarsu da za ta buɗe shafi da rana a burauza. Idan waya mai layi biyu ce, a duba wanne aka zaɓa wa data. Daga nan a kashe duk wata manhajar `VPN`, a duba `Private DNS` a mayar da shi `Automatic` ko `Off`, a kuma tabbatar kwanan wata da agogon wayar daidai suke, domin shafuka masu tsaro sukan ƙi buɗewa idan kwanan watan waya ya kauce sosai.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a cire layin a saka shi a wata waya. Idan can ma bai buɗe shafi ba, matsalar tana ga layin ko ga kamfanin, kuma babu saitin da zai gyara ta. Sai a kira 300 ko a je ofishinsu. Idan kuwa ya yi aiki a can, sannan wayar farko tana buɗe shafuka lafiya a kan `Wi-Fi`, to zargi ya koma kan APN.

A wayoyin Samsung ana shiga ne ta `Settings`, sai `Connections`, sai `Mobile networks`, sai `Access Point Names`. Tecno da Infinix da itel da Redmi kowacce da nata tsarin, don haka ya fi sauƙi a rubuta `APN` a gurbin bincike da ke saman `Settings`. A iPhone kuma yana ƙarƙashin `Cellular` ko `Mobile Data`, a wurin da aka rubuta `Cellular Data Network` ko `Mobile Data Network`, kodayake wasu kamfanoni sukan ɓoye wannan shafi gaba ɗaya.

Shafin na ɗauke da gurabe da yawa, har yakan tsorata wanda bai saba ba, amma kaɗan ne ke da tasiri. `Name` laƙabi ne kawai, ana iya rubuta komai. `APN` shi ne ainihin sunan da ake aika wa kamfani, kuma harafi ɗaya da ya kauce, ko tazarar da madannin waya ya ƙara da kansa bayan ɗigo, ya isa ya ɓata shi. `APN type` yana gaya wa waya aikin da za ta yi da wannan saiti: dole kalmar `default` ta kasance a ciki kafin ta bi ta nan zuwa intanet, kuma idan `mms` kaɗai aka rubuta, saƙon hoto ne kawai zai wuce. `MCC` da `MNC` ba a taɓa su, domin idan suka saɓa da na layin, sabon saitin yakan ɓace daga jerin da zarar an adana shi.

Gurbin da ya fi jawo wannan matsala ta musamman shi ne `Proxy`, tare da abokinsa `Port`. A zamanin ƙananan wayoyi masu madannai, kamfanoni suna bi da shafuka ta wata na'ura ta tsakiya, don haka ake rubuta lambarta a nan. Wayoyin yanzu ba sa bukatar wannan. Amma idan lambar tana nan, burauza za ta kai kowace bukata ga waccan na'ura, idan kuma ba ta amsa ba, shafi ba zai buɗe ba. Saƙonnin WhatsApp kuwa ba sa bi ta wannan gurbi, suna tafiya kai tsaye. Wannan ne ke haifar da abin da ke rikita mutane: hira tana tafiya, saƙo na shiga yana fita, amma Chrome ya tsaya cik.

Misali, a ɗauki Samsung ta hannu da aka saya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, aka saka mata layin MTN. Alamar `4G` ta fito, `*323#` ya nuna akwai data mai yawa, WhatsApp na aiki, amma duk shafin da aka nema sai Chrome ya juya ya juya, ya rubuta `ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED`. Wannan rubutu da kansa ya nuna inda ciwon yake. Da aka shiga `Access Point Names` sai aka tarar saitin da aka zaɓa yana da wata lamba da ta fara da 10 a gurbin `Proxy`, da `8080` a gurbin `Port`, ragowar hannun mai wayar na farko.

Matakin farko shi ne a taɓa ɗigo ukun da ke saman shafin a zaɓi `Reset to default`. Wannan yana share duk saitin da aka ƙara da hannu, ya dawo da wanda wayar ta zo da shi, ba ya kuma taɓa hotuna ko lambobin mutane. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Idan jerin ya dawo babu komai, ko abin da ya dawo bai yi aiki ba, sai a danna `Add` ko alamar `+` a rubuta sabo:

```
Name: MTN
APN: web.gprs.mtnnigeria.net
Proxy: Not set
Port: Not set
Username: web
Password: web
APN type: default,supl
```

`Not set` na nufin a bar gurbin babu komai, ba a rubuta kalmomin ba. Tsakanin `default` da `supl` waƙafi ne kawai, babu tazara. Ga layin Airtel na Najeriya ana rubuta `internet.ng.airtel.com` a gurbin `APN`, ga Glo kuma `gloflat`, da `flat` a gurbin `Username` da `Password`. Waɗannan sunaye na Najeriya ne kaɗai. Airtel na Nijar da MTN na Ghana suna da nasu dabam duk da sunan kamfanin ɗaya ne, kuma a wurin kamfanin ake karɓarsu.

Bayan rubutu akwai matakai biyu da ake yawan tsallakewa. Dole a koma ɗigo uku a danna `Save`, don wasu wayoyin sukan zubar da abin da aka rubuta idan aka fita haka kawai. Sannan adanawa ba zaɓa ba ce: sai an taɓa da'irar da ke gefen sabon saitin a cikin jerin, in ba haka ba wayar na nan kan tsohon. Daga nan a kunna `Airplane mode` na kamar rabin minti a kashe, domin wayar ta yanke tsohon haɗi ta nemi sabo da sabon suna.

Idan har yanzu wasu shafuka na buɗewa wasu na ƙi, a duba `APN protocol`. Zaɓin `IPv4/IPv6` ya fi dacewa da yawancin layuka, amma wayar da aka bari a kan `IPv6` kaɗai takan kasa aiki a layin da bai goyi bayansa ba, kuma mayar da ita `IPv4` yakan warware hakan. Idan kuwa rubutun da Chrome ke nunawa `ERR_NAME_NOT_RESOLVED` ne, wayar ta kasa samo adireshin shafin ke nan, sai a koma kan `Private DNS` da `VPN`.

Na'urorin MiFi da rauta masu cin layi su ma suna da APN, kuma wadda aka buɗe don ta karɓi layin wani kamfani takan ci gaba da aika tsohon suna. Ana shiga saitinta ta burauza da adireshin da ke rubuce a jikinta, galibi `192.168.8.1` a na Huawei, a nemi `Profile Management`, a ƙirƙiri sabon saiti a mayar da shi na dindindin.

Mataki na ƙarshe a waya shi ne `Reset network settings`, wanda ke mayar da duk saitin sadarwa yadda yake tun farko. Yana share kalmomin sirrin `Wi-Fi` da na'urorin `Bluetooth` da aka haɗa, don haka a tanadi kalmomin sirrin kafin a danna. Idan gurabun APN sun yi toka-toka sun ƙi taɓuwa, ko madannin `Add` bai fito ba, mai yiwuwa wayar na ɗauke da takunkumin kamfanin ƙasar da ta fito, kuma wannan aikin mai gyaran waya ne ko ofishin kamfanin layin.