Ranar da aska ta koma cikin zabira

Wanzanci gado ne, kuma bisa al'ada ɗa namiji ke karɓar zabira. To wani dattijon wanzami a Zariya 'ya'yansa maza duk sun kama wasu sana'o'i, ga ido ya fara rauni, hannu yana ɗan rawa idan ya zo gyaran fuska. Wadda ta rage kusa da shi 'yarsa ce, da ta yi karatun kiwon lafiya. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

Bai taɓa cewa ya ba ta shagon ba. Littafin bashi ya fara miƙa mata, bayan wata biyu makulli, daga baya aljihun tebur. Tana riƙe kuɗi ta fara sauye-sauye. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya koma cin rabin ciniki, sai ta sayar da shi ta sayi kilifa mai caji da ƙaramin sola. Wannan bai dame shi ba.

A kan aska aka yi rigima. Tsohon yana wasa ta a jikin fata, ya goge da tsumma, ya yi wa na gaba. Ita kuwa ta ce kowane kai da sabuwar rezarsa, a ɓare ta a gaban mai ita, a jefa a gwangwani in an gama.

"Uwata, askar nan ta girme ki," in ji shi.

"Na sani, Baba. Amma ku duba, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini. Ƙwarzane kaɗan ya isa, ko ido bai ga jinin ba."

Kilifa ma ta hana a babbaka bakinta da wuta, don yana dakushe ta. Sai a kakkaɓe gashi da buroshi tukuna, a jiƙa da sifirit, a bari ya bushe. Yaron da aka ga makero a kansa, a tura uwarsa asibiti da shi. Kaciya da cire beli kuwa ta ce ba a shagon ba, kuma nan ne abin ya fi yi masa ciwo, don da su ake sanin wanzami.

A ganina ta yi wayo da ba ta ja da al'ada inda ba za ta ci riba ba. Magidanta ba za su zauna mace ta taɓa musu gemu ba, ta san haka, sai ta ɗauki saurayi yana yi wa manya, ita tana yi wa yara. Iyaye mata suka fara kawo 'ya'yansu da kansu.

Abokan tsohon su huɗu suka ƙi reza, suka kuma ƙi biya nan take. Ta bar musu shafinsu a littafin bashi. Shi ke yi musu aski ranar Juma'a da safe a kan benci, kowa ya zo da askarsa daga gida.