Mai Kiyasin Halin Inji da Gudun da Ya Dace da Shi

Injin lantarki da ke juya hannun wata na'ura a masana'anta yana da abu biyu da ke bayyana halinsa a kowane lokaci: kusurwar da ya kai, da saurin da yake juyawa. Kwamfutar da ke sarrafa shi tana bukatar sanin duka biyun kafin ta yanke yawan wutar da za ta ba shi. Amma sau da yawa ma'aunin kusurwa kaɗai ake ɗaura masa, domin ma'aunin sauri ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa. Saurin sai dai a kiyasta shi.

Dabarar da David Luenberger ya wallafa a 1964 ita ce a gina kwatancin injin da lissafi a cikin kwamfuta, a riƙa ba shi umarnin da ake bai wa injin gaske. Kwatanci shi kaɗai yakan kauce, tunda bai san daga inda injin ya tashi ba. Saboda haka ake gwada kusurwar da ya kiyasta da wadda aka auna, a ninka bambancin da wasu lambobi da ake kira L, a mayar masa ya gyara kansa. Ana ce masa cikakken mai kiyasi ne saboda yana kiyasta komai, har da kusurwar da ake aunawa.

Akwai sharaɗi kafin a fara: dole abin da ake aunawa ya ɗauki labarin abin da ba a aunawa. Yadda kusurwa ke canzawa yana nuna sauri. Da sauri kaɗai ake aunawa, da babu lissafin da zai gano ainihin kusurwar.

Kuskuren kiyasi, wato tazarar da ke tsakanin gaskiya da kwatanci, yana bin dokar de/dt = (A − LC)e, inda A ke bayyana ɗabi'ar injin, C kuma abin da ake aunawa. Saurin gushewar kuskuren yana hannun wasu lambobi da injiniyoyi ke kira fol. Fol da ke −4 yana rage kuskure zuwa kusan kashi 2 cikin 100 a daƙiƙa ɗaya, wanda ke −20 kuwa a kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa.

A ɗauki injin da saurinsa ke raguwa bisa dω/dt = −2ω + u, wanda aka sa fol ɗin mai sarrafa shi a −4 da −5. Mai sarrafawa da kiyasi yake aiki, don haka in kiyasin ya makara, umarninsa zai dogara ne kan tsohon labari. Shi ya sa aka saba sa fol ɗin mai kiyasi su fi nasa sauri kamar ninki biyu zuwa shida. Ninki biyar ya ba da −20 da −25, wato s² + 45s + 500. Lissafin A − LC kuma ya ba da s² + (l₁ + 2)s + 2l₁ + l₂. Idan aka daidaita su, l₁ = 43, l₂ = 414. A manhajar MATLAB haka ake rubuta shi:

```
A = [0 1; 0 -2]; C = [1 0];
L = place(A', C', [-20 -25])'
```

Abin da ya halatta tsara su daban-daban shi ne, muddin kwatancin ya dace da injin, fol huɗun nan ba sa ture juna idan aka haɗa tsarin: −4, −5, −20 da −25 suna nan inda aka sa su, kuma masu nawar ne ke nuna yadda injin zai motsa.

Kwaɗayin ƙara gudu shi ne inda aka fi yin ɓarna. Idan aka kai fol ɗin −200 da −250, l₂ zai tashi zuwa 49,104, kusan ninki 119 na da. Babu ma'aunin da ba ya ɗan karkarwa, kuma duk karkarwar da wannan lamba za a ninka ta kafin ta shiga kiyasin sauri, daga nan ta zarce cikin wutar injin. Alamunta ba sa ɓuya: injin yana tsaye amma yana ƙugi, yana zafi, layin kiyasin sauri a allo ya zama kamar haƙoran zarto. Lokacin kunnawa ma, ɗan kuskure a kusurwa yakan sa kiyasin sauri ya yi tsalle mai nisa har wutar ta kai iyakarta.

Mai kiyasi mai nawa kuma nasa ciwon daban ne. Idan kaya ya canza a hannun na'urar, kiyasin yakan biyo gaskiya a baya, hannun ya wuce inda aka nufa ya dawo. Don haka mai aiki yakan fara daga ninki uku ko makamancinsa, ya ɗora kiyasin kusurwa a kan wadda aka auna, ya riƙa ƙara gudu sannu a hankali har karkarwa ta fara bayyana a wutar injin, sannan ya ɗan ja baya. Ma'auni mai tsabta yana jure fol masu sauri, mai hayaniya kuwa yana tilasta a rage gudu a ƙara dogara ga kwatancin.