Jawabin Minti Uku a Ranar Bikin Shagon Kwalliya

Idan shagon kitso da gyaran jiki ya cika shekara aka tara mutane, mai shagon ba ta da lokaci mai yawa na magana. Mata sun zo da goyo, abinci yana jira, wasu kuma so suke su koma gida kafin magariba. Minti uku ya isa, in dai ta san abin da za ta faɗa kafin ta miƙe.

Bari mu ɗauki shago a wata unguwa ta Kano da ya cika shekara biyar, mai makitsa biyu, da mai lalle ɗaya, da 'yan koyo uku. Bayan sallama da godiya ga Allah, Hajiya mai shago sai ta fuskanci kwastomomi. A nan ne jawabi da yawa ke lalacewa, domin "mun gode da haɗin kanku" magana ce da mai sayar da siminti ma zai iya yi. Godiyar da ke shiga zuciya ita ce wadda ta tuna wa mutum abin da ya jure. Sai ta ce: "Iyayena da 'yan uwana, akwai waɗanda a cikinku suka zauna da jiƙaƙƙen kai ranar da aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Akwai waɗanda suka kai dare a layin lalle ranar jajiberin Sallah. Ba ku yi fushi kun canza shago ba. Allah Ya saka da alheri, inda muka saɓa muku kuma a yafe mana."

Ku lura ba ta kama sunan kowa ba, kuma haka ya kamata. Shagon kwalliya wurin sirri ne. Wata ba ta son dangin miji su san sau nawa take zuwa, wata kuma matsalar zubewar gashi ce ta kawo ta. Sannan in aka yabi mai zuwa duk mako, wadda ba ta iya zuwa sai Sallah Sallah za ta ji kamar an auna ta da kuɗinta.

Ma'aikata kuwa dole a kira su da suna, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abin da aka san ta da shi: wadda hannunta ba ya zafi har yara ke yarda ta yi musu shuku, mai lallen da amare ke nema, 'yar koyon da ke riga kowa zuwa ta share shago ta wanke tawul. Ina ganin wannan ne sashen da ya fi cancantar a ba shi lokaci. Waɗannan mata suna wuni a sunkuye, bayansu na ciwo, yatsunsu na sagewa, yabon kuma yawanci mai shago yake tafiya wa. A rubuta sunayen a takarda, domin wadda aka manta a gaban jama'a ba za ta yi magana ba, amma washegari za a gani a fuskarta.

Sai sanarwar sabbin ayyuka. A ce shagon zai fara dilka da halawa da turaren jiki, gyaran da aka fi sanin matan Sudan da na Borno da shi. Faɗin "mun kawo sabbin abubuwa" bai wadatar ba. Mai sauraro tana son sanin ranar farawa, da wadda za ta yi aikin, da kuɗinsa. Misali: "Daga Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah za mu fara dilka da halawa a ɗakin ciki, mata zalla. Mun ɗauko wadda ta ƙware a kai. Gyaran amarya ba aikin yini ɗaya ba ne, don haka a sanar da mu da wuri, a ba da kafin alƙalami. Farashi yana manne a bakin ƙofa."

Abin da bai kammala ba kada a sanar da shi. Idan na'urar busar da gashi tana hanya, ko mai dilkar ba a gama daidaitawa da ita ba, a bari sai wani lokaci. Ranar Litinin wata za ta zo da kuɗinta tana tambaya, kuma "ai bai iso ba tukuna" yana rage amana fiye da yin shiru tun farko. Haka in akwai rangwamen biki, a faɗi ranar da zai ƙare, don kada a zo ana musu da mai karɓar kuɗi. Ƙarin farashin tsofaffin ayyuka kuma ba maganar wannan rana ba ce, kada a cusa shi cikin godiya.

Daga nan sai ta roƙi wata dattijuwa cikin mahalarta ta rufe da addu'a, a shiga rabon abinci.